Ƙidayar kaya a sito da gwajin kan iyakar shekara: yadda buhu 600 ke ƙara ribar da babu ita

A ranar 31 ga Disamba, tun kafin ƙarfe bakwai na safe, za a ga matasa ɗauke da jakunkuna suna shiga manyan sito-sito na Ijora da Isolo da Oregun da Amuwo-Odofin a Legas. Ma'aikatan kamfanonin binciken kuɗi ne, waɗanda aka fi kira oditoci, kuma an turo su ne su halarci ƙidayar kayan ƙarshen shekara. Da yawa daga cikinsu suna ɗaukar aikin a matsayin wahalar yini guda, a sha zafi da ƙura, a ƙirga 'yan buhuna, a sa hannu a koma gida. Na yi shekaru ina wannan aiki a Legas, kuma abin da na fahimta shi ne ƙidayar kanta rabin aikin ce. Sauran rabin yana cikin lambobin takardu guda huɗu ko biyar da mai bincike zai rubuta a littafinsa kafin ya bar siton, domin da su ne zai gane a watan Janairu ko Fabrairu ko kayan da ya gani da idonsa sun shiga lissafin shekarar da ta dace. Wannan mataki na biyu shi ne ake kira kot-of a ofisoshi, ni kuwa zan kira shi gwajin kan iyaka, tunda iyaka ce ake shatawa tsakanin shekara da shekara.

Da farko ya kamata a san dalilin da ya sa ake tura mutum sito maimakon a karɓi takarda daga hannun akanta. A shekarar 1938 aka gano cewa kamfanin magunguna na McKesson & Robbins a Amurka yana da kadarorin ƙarya na kimanin dala miliyan 19 a littattafansa, kusan rabinsu kaya ne da aka ce suna ajiye a sito-siton da babu su kwata-kwata, alhali masu bincike sun yi shekaru suna sa hannu a kan takardu ba tare da sun je sun gani ba. Bayan wannan badaƙala ne, a 1939, aka mayar da zuwa ganin kaya da ido ya zama ƙa'ida. A yau ƙa'idar binciken kuɗi ta duniya mai lamba ISA 501, wadda ake aiki da ita a Nijeriya, ta wajabta wa mai bincike halartar ƙidaya matuƙar kayan suna da nauyi a lissafin kamfani, sai fa idan zuwan ba zai yiwu ba. Abin da ta ɗora masa shi ne ya duba umarnin da shugabanni suka bayar na yadda za a yi ƙidayar, ya sa ido a kan yadda ake aiwatar da shi, ya duba yanayin kayan, ya yi tasa ƙidayar ta gwaji, sannan daga baya ya tabbatar cewa jerin kayan da aka sa a lissafin ƙarshe ya dace da abin da aka ƙirga. A lura da cewa ƙidayar ba ta mai bincike ba ce. Kamfani ne ke ƙirga kayansa, shi kuwa shaida ne da ya zo ya ga ko za a iya dogara da abin da aka yi, kuma duk mai binciken da ya karɓi takarda yana cike wa ma'aikatan sito ya riga ya ɓata shaidarsa.

Zan bi misali guda daga farko har ƙarshe. Wani kamfani ne mai rarraba kayan masarufi, mallakar wani Alhaji ɗan Arewa da ya daɗe a Legas, yana da sito a wajajen Ijora inda yake tara sukari da shinkafa da man girki da tumatirin gwangwani, yana tura wasu Arewa yana sayar da wasu ga dillalan Agege da Alabar Rago. Na sauya alƙaluman domin su yi sauƙin bi, amma yadda abin ya gudana haka yake.

Aikin ya fara ne mako biyu kafin ranar, lokacin da muka karɓi takardar umarnin ƙidaya. Abubuwan da ake nema a cikinta kaɗan ne, amma kowanne yana da dalili. Ana so takardun ƙidaya su kasance masu lamba a jere, domin a san guda nawa aka raba kuma guda nawa suka dawo, ta yadda ba za a cusa wata daga baya ba. Ana so kada a rubuta adadin da ke cikin kwamfuta a jikin takardar, saboda wanda ya ga an rubuta 1,600 idonsa ba zai ga komai ba sai 1,600. Ana so mai ƙirgawa ya zama ba shi ne mai tsaron kayan ba, wato a haɗa akawu daga ofishin kuɗi da mutum daga sito, ɗaya yana ƙirgawa ɗaya yana rubutawa da biro. Sai kuma wanda ya fi kowanne wahalar cikawa a Legas, shi ne a dakatar da shige da ficen kaya har a gama. A takarda an rubuta cewa za a rufe geti daga ƙarfe shida na yammacin 30 ga wata. A zahiri kuwa ƙarshen Disamba lokacin ciniki ne, tirelar da ta yi kwanaki a layi ba ta san da umarnin kowa ba, kuma babu manajan da zai ce wa direba ya koma.

Saboda haka abin da nake fara yi idan na isa, kafin in taɓa buhu ko ɗaya, shi ne in nemi littattafan takardu. Akwai takardar karɓar kaya, wadda ake rubutawa duk lokacin da aka sauke kaya a sito, a kwamfuta ana ganinta da sunan GRN. Akwai webil, wadda ke bin kaya idan za su fita. Akwai takardar sauya kaya tsakanin sito da sito idan kamfanin yana da rassa, da takardar kayan da abokin ciniki ya dawo da su. A kowane littafi ina rubuta lambar takarda ta ƙarshe da aka yi amfani da ita, da bayanin guda biyar da suka gabace ta, wato rana da kaya da adadi da lambar mota, sannan in buɗe ta gaba in tabbatar babu komai a jikinta, in ɗauki hotonta tana fanko. A wannan safiya takardar karɓar kaya ta ƙarshe ita ce 4416, webil ta ƙarshe kuma 9082. Daga nan na wuce wurin maigadi. Littafin geti ba ya cikin littattafan lissafi, akanta ba ya taɓa shi, kuma wannan ne ya sa yake da daraja, domin maigadi yana rubuta lambar mota da lokacin shigarta da fitarta ba tare da tunanin riba ko asara ba. Na ce masa, "Baba, a taimaka mini da littafin in ɗauki hoton shafin jiya da na yau." Ya ce, "Bismillah, yaro, ai ba wanda ya taɓa tambayarsa."

Ƙidayar gwaji ana yin ta ne ta fuska biyu, kuma kowace fuska tana kama laifi dabam. A ta farko mai bincike yana zaɓar layi daga takardar da ma'aikata suka cike ya je ya nemo kayan a ƙasa, wannan shi ke nuna cewa abin da aka rubuta yana nan da gaske. A ta biyu yana zaɓar tarin kaya a ƙasa, musamman na lungu ko na bayan ƙofa, ya ƙirga sannan ya nemo shi a takarda, wannan kuma shi ke nuna cewa ba a bar komai a baya ba. Wanda ya yi ta farko kaɗai ba zai taɓa gane kayan da aka ɓoye wa lissafi ba, wanda ya yi ta biyu kaɗai kuma ba zai gane layin ƙarya ba. Ana fifita kaya masu tsada da masu yawa, amma ba a sanar da ma'aikata tun da wuri waɗanda za a zaɓa.

A siton buhuna babban haɗari yana cikin yadda ake jera kaya. 'Yan dako suna ɗora buhu a kan buhu har ya kusa rufi, masu ƙirga kuwa sukan lissafa tsawo da faɗi da hawa su ninka. Wani tarin shinkafa da na zaɓa yana da buhu 10 a tsawo, 8 a faɗi, hawa 20, aka rubuta 1,600. Daga ƙasa babu abin da za a ce, ko'ina a cike yake kamar bango. Na roƙi sarkin 'yan dako a kawo tsani, na hau, sai na tarar da rami a tsakiya, buhu 4 a tsawo, 3 a faɗi, zurfin hawa 10, wato buhu 120 babu su. Ba sata ba ce, 'yan dako ne suka riƙa zara daga sama ta tsakiya lokacin da ake lodi, ba a gyara jerin ba. Amma da ban hau ba da an sa buhu 120 na iska a lissafi. Idan aka sami kuskure irin wannan ba a tsayawa ga gyara layi guda, sai a tambayi ko ƙungiyar da ta ƙirga wannan tari ta hau sauran tarin da ta ƙirga, kuma tunda ba ta hau ba, sai da aka sake ƙirga dukkan sashenta. Haka ma jarkokin mai da katan-katan, ana ɗaga wasu a ji nauyi, ana buɗe wasu daga tsakiyar tari a gani. Masu wannan sana'a suna tunawa da badaƙalar man girki ta 1963 a jihar New Jersey ta Amurka, inda aka cika tankuna da ruwa aka zuba mai kaɗan a sama, masu dubawa suna auna saman suna tafiya.

A lokacin zagayen ne kuma ake rubuta abin da lissafi ba zai nuna ba. Buhunan da damshi ya taɓa har sukari ya dunƙule, gwangwanayen da suka kumbura ko wa'adinsu ya kusa ƙarewa, katan ɗin da ƙura ta lulluɓe alamar ya daɗe ba a taɓa shi ba, duk ana rubuta su domin ƙa'idar lissafin kaya ta duniya mai lamba IAS 2 ta ce a ƙimanta kaya da wanda ya fi ƙanƙanta tsakanin kuɗin da aka saye su da abin da za a samu idan an sayar bayan cire ɗawainiyar sayarwa. Ana kuma tambaya a kan duk kayan da aka ware gefe, domin a irin wannan sito ba a rasa ajiyar wani ɗan kasuwa da ya roƙi Alhaji wuri na 'yan kwanaki, kuma kasancewar kaya a cikin sito ba ya nufin na mai siton ne.

Abubuwa biyu da suka zama ginshiƙin wannan bayani sun faru ne a gabana, kuma a lokacin ba su yi kama da matsala ba. Na farko, kusa da ƙofar lodi akwai jarkokin man girki 300 masu lita 25 an jera su dabam. Na tambayi mai sito, ya ce, "Ranka ya daɗe, na wani Alhaji ne a Kano, motarsa ce ba ta iso ba." Na duba takardar ƙidaya na ga an ƙirga su cikin kayan kamfani, na rubuta hakan tare da lambar takardar. Na biyu, da misalin ƙarfe huɗu na yamma wata tirela ta shigo da sukari buhu 600 mai kilo 50, wato tan 30. Manaja ya ce a sauke, aka sauke a wani fili da na roƙa a keɓe, aka rubuta mata takardar karɓa mai lamba 4417, aka ƙirga buhunan aka ƙara su a takardar ƙidaya. Na gyara littafina cewa lamba ta ƙarshe yanzu 4417 ce, kuma kayanta suna cikin ƙidaya. Kafin in tafi na tabbatar duk takardun ƙidayar da aka raba sun dawo, aka ja layi a kan guraben da ba a cike ba, na ɗauki hoton kowace guda, muka sa hannu da mai sito da akanta.

Domin a gane abin da ya biyo baya, sai a tuna yadda ake fitar da riba. Kuɗin kayan da aka sayar a shekara shi ne kayan da aka buɗe shekara da su, a tara da abin da aka saya a cikinta, a cire kayan da suka rage a ƙarshe. Ribar ciniki kuwa ita ce jimillar sayarwa idan aka cire wannan kuɗi. Ke nan duk naira ɗaya da aka ƙara a kayan ƙarshe ba tare da an ƙara ta a sayayya ba, ta zama naira ɗaya ta riba. Wannan ne ya sa ƙidaya za ta iya zama daidai har buhu na ƙarshe amma riba ta zama ƙarya, domin kaya suna motsi a rana guda, takardunsu kuma suna isa ofishin kuɗi a wata ranar. Gwajin kan iyaka tambaya ɗaya yake yi a kan kowace mota da ta shiga ko ta fita a kwanakin da ke kewaye da 31 ga Disamba: shin kayan, da bashin mai kawowa ko kuɗin sayarwa, duk sun faɗa shekara guda?

A watan Fabrairu muka dawo aikin ƙarshe. Na fara da gwada jerin kayan ƙarshe da hotunan da na ɗauka, na ga buhu 120 na ramin an cire su, babu kuma wani layi da ya tsiro wanda ba ya cikin takardun ranar. Sai na ɗauko lambobina. Dokar mai sauƙi ce, duk takardar karɓa daga 4417 zuwa ƙasa dole kayanta su kasance cikin sayayya da bashin tsohuwar shekara, duk wadda ta kama daga 4418 zuwa sama kuma ta sabuwar shekara ce. Na bi 4412 zuwa 4416 ɗaya bayan ɗaya zuwa takardar neman kuɗi ta mai kawo kaya, wato inbois, sannan zuwa littafin sayayya na Disamba, duk suka fito daidai. Da na zo kan 4417 sai ban same ta a Disamba ba. Ba a shigar da ita kwamfuta a ranar ba saboda akawun ya tashi, inbois ɗin kamfanin sukari kuma ya iso ofis ranar 4 ga Janairu, aka shigar da komai da kwanan watan ranar. Buhu 600 a kan naira 70,000 kowanne ya kama naira miliyan 42. Kayan suna cikin ƙidaya, bashinsu ba ya cikin lissafi.

Akwai alamar da ke nuna irin wannan kuskure tun kafin a kai ga takarda, kuma ya kamata mai bincike ya saba da neman ta. A kamfanin da ke riƙe adadin kaya a kwamfuta kullum, bayan ƙidaya ana gwada abin da aka ƙirga da abin da kwamfuta ta ce, sai a daidaita bambancin. A nan rahoton ya nuna rarar sukari buhu 600 cif, akanta ya shigar da ita a matsayin rarar ƙidaya, wadda ta rage kuɗin kayan da aka sayar. Sito yakan yi giɓi saboda yagewa da zubewa da ɗan hannu, amma ba ya haihuwar buhuna, don haka duk rarar da ta zo daidai da lodin mota guda takarda ce ta makara. Gyaran shi ne a soke rarar, a shigar da bashin naira miliyan 42 a Disamba a matsayin kayan da aka karɓa ba a kawo inbois ɗinsu ba tukuna. Na yarda cewa wannan kuskure ne ba niyya ba, amma lissafi bai san niyya ba, ribar ta ƙaru da miliyan 42 ko ta wace hanya.

Ɓangaren sayarwa ya fi buƙatar natsuwa, domin a nan ne son kai yake iya shigowa, musamman inda manajoji ke da ladan da ya rataya a kan cinikin shekara ko kamfani yana son nuna wa banki fuska mai kyau. A nan ba na farawa daga webil kaɗai, ina ɗaukar inbois-inbois na kwanaki biyar na ƙarshen Disamba daga littafin sayarwa in tambayi kowanne lambar webil ɗinsa. Wanda ya fara daga webil zai ga abin da ya fita ne kawai, ba zai ga cinikin da aka rubuta alhali kaya ba su motsa ba. Wani inbois mai kwanan wata 30 ga Disamba, na jarkar mai 300 a kan naira 56,000 kowace, jimilla naira miliyan 16 da dubu 800, webil ɗinsa 9085 ce, alhali ni na ga 9083 tana fanko a ranar ƙidaya. An rubuta 30 ga Disamba a jikin webil ɗin, amma lamba ba ta komawa baya kamar yadda biro ke iya mayar da kwanan wata. Littafin Baba maigadi ya nuna motar ta fita ranar 3 ga Janairu. Su ne jarkokin nan na bakin ƙofar lodi.

Lissafin wannan ya fi yadda ake zato muni. Kuɗin sayen kowace jarka naira 50,000 ne, wato miliyan 15 gaba ɗaya, ribar cinikin kuma miliyan 1 da dubu 800. Da a ce an rubuta cinikin kuma an cire jarkokin daga ƙidaya, da ribar da aka gaggauta ba ta wuce miliyan 1 da dubu 800 ba. Amma an rubuta cinikin kuma an bar kayan a ƙidaya, wato an ci moriyarsu sau biyu, don haka dukkan miliyan 16 da dubu 800 ta hau kan riba. Akanta ya yi gardama cewa mai sayen ya riga ya yi magana, kayansa ne, mota ce kawai ta makara. Hujjar ba ta banza ba ce, domin ƙa'idar rubuta kuɗin ciniki mai lamba IFRS 15 tana duba lokacin da iko da kaya ya koma hannun mai saye, kuma ta yarda a wasu lokuta a rubuta ciniki kaya suna hannun mai sayarwa. Sai dai ta gindaya sharuɗɗa: ya zama akwai dalili na gaske na barin kayan, kamar mai sayen ne ya nemi haka, a ware su a san cewa nasa ne, su kasance a shirye don ɗauka, kuma kamfani ba shi da damar amfani da su ko ba wa wani. Na nemi wani rubutu daga mai sayen da ke neman a riƙe masa kayan, babu. Ba a biya ko kwabo ba sai a Janairu. Na tambayi mai sito ko da wani dillali ya zo da kuɗi a ranar zai ba shi daga cikinsu, ya ce, "Sosai kuwa, yallaɓai, sai mu cike masa da wasu." Da wannan amsa maganar ta ƙare, aka soke cinikin daga Disamba aka mayar da shi Janairu, kayan suka zauna a ƙidaya. Ko da sharuɗɗan sun cika, gyara bai faɗi ba, sai dai ya zama a cire miliyan 15 daga kayan ƙarshe.

Idan aka haɗa biyun, an ƙara wa riba naira miliyan 58 da dubu 800. Daftarin lissafin ya nuna ribar miliyan 310 kafin haraji, mu kuma mun sa ma'aunin kuskuren da ba za a kau da kai a kansa ba a kashi 5 cikin ɗari na ribar, wato miliyan 15 da rabi. Motoci biyu kacal sun kawo kuskuren da ya kusa kashi 19 cikin ɗari na ribar shekara. Da muka kai wa Alhaji, abin da ya fara tambaya shi ne ko wani ya ci masa kuɗi ne. Na ce, "A'a, ranka ya daɗe, kuɗinka suna nan, sai dai an rubuta maka ribar da za ka biya haraji a kanta kuma ka raba wa masu hannun jari alhali ba ka same ta a bana ba." Irin wannan kuskure yana warware kansa a shekara mai zuwa, domin abin da aka ƙara wa bana za a rage wa baɗi, kuma wasu akantoci suna fakewa da haka su ce a bar shi. Ban yarda da wannan ba, saboda banki da hukumar haraji da masu hannun jari suna yanke hukunci ne a kan lissafin shekarar da ke gabansu.

Idan an sami kuskure a cikin 'yan takardun da aka zaɓa, ba a tsayawa a nan. Mun faɗaɗa gwajin zuwa makonni biyu kafin ƙarshen shekara da makonni biyu bayansa, muka duba takardun soke ciniki da na dawo da kaya na Janairu, domin cinikin da aka ƙirƙira a Disamba yawanci a nan ake binne shi, sannan muka gwada bayanan asusun da manyan masu kawo kaya suka aiko da abin da littafin kamfani ya ce ana binsa.

Akwai kuma abin da ya keɓanci masu shigo da kaya ta tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can, wanda ƙidaya ba ta iya gani ko kaɗan. Kwantenar da ke kan teku ko take jiran kwastan a ranar 31 ga Disamba ba ta cikin sito, amma tana iya zama cikin kayan kamfani. Idan an saye ta a kan sharaɗin cinikin ƙasa da ƙasa da ake kira FOB ko CIF, haɗarin kayan yana komawa kan mai saye tun lokacin da aka ɗora su a jirgi a tashar da suka taso, kuma galibi daga nan ake ɗaukar su nasa ne, gwargwadon abin da yarjejeniyar ta ƙunsa. Abin da ake dubawa shi ne takardar lodin jirgi da kwanan watanta, sannan a tabbatar an rubuta kayan a matsayin waɗanda ke kan hanya tare da bashinsu. A kamfanin Alhaji akwai kwantena biyu na tumatirin gwangwani da aka yi lodinsu a farkon Disamba ba su iso sito ba sai a ƙarshen Janairu, kuma ba a rubuta kayan ba, ba a rubuta bashin ba. Wannan bai taɓa riba ba tunda ɓangarorin biyu sun tafi tare, amma ya rage kadara da bashi a lokaci guda, kuma bankin da ya ba kamfanin rance yana duba yawan bashin da ke kansa, don haka shi ma sai da aka shigar da shi kafin mu sa hannu.